An Tashi Daga Tsohon Hostin, Amma Domen Shina Kai Mutane Tsohon Gida

Kwana ukku cur Alhaji shina kirana kan magana guda. Dillalin kayan fata ne, takalma da jakunkuna da filallai na jar fatar nan tamu, shagonai na cikin babbar kasuwa, kuma shina da wani ɗan shafin intanet da masu saye daga Legas da Abuja ke duba kaya a kai. Wani ƙanena da ke koyon wanga aiki shi ya kwashe mishi shafin daga tsohon kamfanin hostin, wato masu ajiye shafi a kwamfutarsu, zuwa sabo ran Litinin, ya gyara fasali, ya sa sabbin hotuna da sabon farashi. Ran Alhamis Alhaji ya buɗe wayarshi ya ga tsohon farashi na nan zaune daram, har wani mai saye ya kira shina cewa ai ga kuɗin da ya gani a rubuce. Duk sanda anka tambayi yaron sai ya ce "Alhaji a ƙara haƙuri, furofageshan ne, sai ya yi awa 48." To awa 48 ta wuce tun Laraba.

Ita wagga kalma ta furofageshan ita ta fi komai ɓata ma mutane lissafi, don tana sa ka zaci sabon adireshin ka wani abu ne da ke yaɗuwa gari gari kamar labarin ganin wata, ya iso Birnin Kebbi yau, gobe ya kai Gusau. Ba haka abin ke aiki ba ko kaɗan. Babu mai tura komai ko'ina. Abin da ke faruwa shi ne, akwai sabar guda biyu ko ukku, wato kwamfutocin da ke amsa tambaya a intanet, da ke riƙe da amsar gaskiya ta domen ɗinka, sunan shafinka ke nan, su aka cewa nemsaba, sannan akwai dubban wasu sabar na kamfanonin layin waya da na masu ba da intanet, waɗanda ake kira rizolba, aikinsu su je su tambayo maka. Idan ka rubuta sunan shafi, wayarka ta tambayi rizolba, rizolba ta tambayi sabar da ke kula da `.com` ko `.ng` cewa wa ke riƙe da wanga suna, a nuna mata nemsaba, ta je can a ba ta lambar IP, wato adireshin sabar da shafin ke zaune a kai. Kuma tare da lambar ana ba ta wa'adi, a ce riƙe wagga amsa na daƙiƙa kaza kada ki dawo sai sun cika. Wa'adin nan shi ne TTL, da daƙiƙa ake rubuta shi, 3600 awa guda ke nan, 14400 awa huɗu, 86400 kwana guda. Muddin wa'adin bai cika ba rizolba ba ta sake zuwa tambaya, abin da ta haddace shi za ta yi ta ba kowa. Jiran da ake cewa a yi, jiran ƙarewar wanga wa'adi ne kawai.

Da ka gane haka sai ka ga jira na da amfani ne a hali guda tak, wato idan nemsaba ta riga ta fara ba da sabuwar lamba. In ko ita kanta tsohuwar lambar take bayarwa, wallahi ko shekara ka yi kana jira, duk rizolbar da wa'adinta ya cika komawa za ta yi ta sake ɗebo tsohuwar. Shi ya sa tambayar farko ba "mi wayata ke nunawa" ba ce, tambayar ita ce wa ke riƙe da amsar, kuma mi yake cewa.

Da yamma yaron ya kawo min laftof ɗinshi gida, nan Mabera, munka zauna ƙarƙashin dogonyaro don ɗaki ba ya shiguwa da wanga zafi kuma ba wuta. Na ce nuna min inda ka canja. Ya buɗe shafin kamfanin da anka sayi domen ɗin, ya shiga wajen sarrafa DNS, wato tsarin nan na maida suna lamba, ga rikodin `A`, layin da ke ɗauke da lambar IP ta sunan, ya sa sabuwar lamba tsaf, ba kuskure ko na ɗigo. Na ce to madalla, yanzu rubuta wannan. Sunan domen da lambobin duk na musanya su da na misali a nan, `198.51.100.25` tsohuwar saba, `203.0.113.10` sabuwa.

```
nslookup -type=NS example.com
```

Sai ga amsa ta fito da nemsaba biyu, kuma dukansu na tsohon kamfanin hostin ne. Yaron ya yi shiru shina kallon allo. Abin da ya faru, tun shekarun baya da anka fara buɗe shafin, wanda ya yi aikin ya maida nemsabar domen ɗin ga kamfanin hostin, kamar yadda kusan kowa ke yi. Tun daga ranar teburin DNS da ke wajen mai sai da domen ya zama allo na ado, kana iya rubuta abin da ka ga dama a ciki, zai karɓa, har ya nuna maka koren rubutu cewa an adana, amma babu wata rizolba a duniya da ke zuwa can tambaya. Kamar ka je ka manna sanarwa a ƙofar gidan da maigidan ya tashi tun bara. Wasu kamfanonin na sa ɗan gargaɗi a saman teburin cewa nemsabarka na wani waje, wasu ba su sawa, kuma ko an sa, wa ke karantawa da dare ido ya gaji.

Don a tabbatar, sai ka tsallake duk wani mai hadda ka tambayi nemsabar kai tsaye. A `nslookup` kana ƙara sunanta a ƙarshe, a `dig` kuma, ga masu Linux ko Mac, da alamar `@`:

```
nslookup example.com ns1.tsohon-hostin.example
dig @ns1.tsohon-hostin.example example.com A
```

Ta ba mu `198.51.100.25`. Magana ta ƙare, babu wani furofageshan da ke tafe, ba a ma fara ƙirga komai ba tun Litinin. In kana da `dig`, akwai `dig +trace example.com` wanda ke bin hanyar tun daga tushe, ya nuna maka abin da sabar `.com` da kanta ke cewa game da nemsabarka, wannan ya fi tabbas lokacin da ka canja nemsaba kwanan nan kana son ka san ko canjin ya shiga rajista.

Daga nan hanya biyu ce a gabanmu, kuma a nan ne asalin maganar awa 48 take. Ko dai mu shiga asusun tsohon hostin mu gyara rikodin `A` a can inda ake saurare, ko mu koma wajen mai sai da domen mu canja nemsaba gaba ɗaya zuwa na sabon kamfani. Wa'adin biyun ba ɗaya ba ne. Rikodin `A` na Alhaji TTL ɗinshi 14400 ne, wanda shi ne ka fi gani a hostin masu cPanel, ke nan cikin awa huɗu kowa ya kamata ya dawo hanya. Amma bayanin nemsaba da sabar `.com` ke bayarwa, wa'adinshi 172800 ne, raba da 3600 ka ga 48. Wannan lambar ba taka ba ce, ta masu kula da `.com` ce, ba ka da ikon rage ta. To shi ne mutane sunka ɗauki awa 48 ta canjin nemsaba sunka maida ta amsar kowace matsala, har da waɗanda ba su da alaƙa da ita. Su masu `.ng` da `.com.ng` rajistarsu na hannun NiRA, kuma `dig +trace` zai nuna maka nasu wa'adin a layin `NS`, lambar da ke bin sunan ita ce.

Ni abin da nake yi, kuma shi na sa yaron ya yi, shi ne duka biyun, amma da tsari. Ka fara gyara `A` a tsohon wajen ya nuna sabuwar saba. Ka tabbatar teburin sabon kamfani shi ma ya cika, shina da duk rikodin da tsohon ke da su. Sannan ka canja nemsaba. Amfanin haka, a cikin kwana biyun nan da wasu rizolba ke zuwa tsohuwar nemsaba wasu na zuwa sabuwa, duk inda sunka je amsa guda za su samu, ba wanda zai ƙara ganin tsohon farashi. Mutane da yawa na canja nemsaba kaɗai su bar tsohon teburi yadda yake, tsohon kamfanin kuma bai san an tashi ba, zai ci gaba da amsa ma duk wanda ya zo da tsohuwar lamba har sai an goge asusun.

Kalmar sirrin tsohon asusun na cikin wani littafi a shagon Alhaji, sai da safiyar Juma'a munka samu. Ƙarfe goma daidai yaron ya canja rikodin. Munka tambayi nemsabar, nan take ta ce `203.0.113.10`. Munka tambayi `1.1.1.1` ta Cloudflare, ita ma sabuwa ta ba mu, ga alama ba wanda ya tambaye ta wanga suna kwanan nan don haka ba ta da hadda. Amma da munka tambayi rizolbar layin wayar da muke amfani da shi, ga abin da ya fito:

```
example.com.   9120   IN   A   198.51.100.25
```

Wagga 9120 ita ce ragowar wa'adi, kuma in ka sake tambaya bayan minti guda za ka ga ta ragu da sittin, agogo ne ke tafiya baya. Lissafin mai sauƙi ne. 14400 a ɗebe 9120 saura 5280, wato awa guda da minti 28 da sunka wuce wani a kan layin nan ya buɗe shafin, ƙarfe 8:32 ke nan, ina kyautata zaton Alhaji ne da kanshi bayan ya buɗe shago. Ragowar 9120 kuma awa biyu da minti 32 ne, ke nan 12:32 haddar za ta faɗi. Na ce ma yaron kira Alhaji ka gaya mishi in ya dawo masallaci ya duba. Ka ga bambancin wannan da "a ƙara haƙuri", yanzu kana da ƙarfe nawa a hannu. A Windows `nslookup -debug example.com` na nuna wa'adin a layin `ttl`. Abu guda da kan ruɗa mutum, manyan rizolba irin `8.8.8.8` ba inji guda ba ne, injuna ne masu yawa bayan lamba ɗaya, sai ka tambaya yanzu ka ga 9000, ka sake ka ga 13000, ko ma wannan karon sabuwar lamba wancan karon tsohuwa. Ba lalacewa ba ce, wani injin daban ka faɗa ma.

A nan ne kuma ya kamata a faɗi gaskiya kan `ipconfig /flushdns`, umarnin da kowa ke ba kowa kamar fanadol. Abin da yake gogewa haddar kwamfutarka ce kaɗai. In ka goge, kwamfutar ta sake tambayar rizolbar layinka, ita kuma tana da sauran daƙiƙa dubu tara, tsohuwar lambar za ta sake miƙo maka, ka yi ta gogewa har la'asar ba abin da zai canja. Shina da amfani ne bayan rizolba ta riga ta gyaru amma injinka ya maƙale. Haka Chrome na da tashi ƙaramar hadda da ake sharewa a `chrome://net-internals/#dns`, ita ma rauta ko mayfai ta gida wani lokaci tana riƙewa, kashewa da kunnawa ke maganinta. Rizolbar kamfanin waya kuwa ba ka da mabuɗinta, sai dai ka kauce mata. A wayar Android akwai `Private DNS` cikin saiti, ka sa `dns.google` ko `one.one.one.one`, shi ke nan wayar ta daina tambayar ta layin. Google da Cloudflare kuma kowanne na da shafin da kowa ke iya shiga ya sa sunan domen a goge haddarshi daga tasu rizolbar. Sai dai ka tuna wannan duk gyaran idonka ne kai kaɗai, mai saye da ke Legas shina nan kan tashi rizolbar da nata agogon.

Bayan an sauko Juma'a Alhaji ya kira. "Malam, yaron nan naka dai, har yanzu tsohon ne." Na ce "Alhaji ranka ya daɗe, karanto min abin da ke rubuce can sama wajen adireshi." Ya karanto, sai ga `www` a gaba. Mu duk gwajin da munka yi tun safe kan `example.com` ne tsura, shi ko Alhaji abin da ya adana a wayarshi `www.example.com` ne, kuma a idon DNS waɗannan sunaye biyu ne daban, kowanne da layinshi a teburi. Sau da yawa `www` na zama `CNAME` da ke nuna babban sunan, in haka ne da ka gyara ɗaya ɗayan ya bi. A teburin Alhaji wani ya taɓa maida shi rikodin `A` mai zaman kanshi, da tsohuwar lamba a ciki, ba wanda ya taɓa shi. Laifina ne wannan, ni ya kamata in karanta teburin layi layi tun farko. Munka gyara wajen ƙarfe ukku, munka jira shi ma agogon haddarshi na awa huɗu ya cika, sai bayan magariba wayar Alhaji ta ga sabon shafi.

Tunda munka koma teburin sai na sa munka duba `AAAA` ma, shi ne rikodin lambar IPv6. In tsohon hostin ya sa maka shi kai kuma ka canja `A` kaɗai, duk na'urar da ke da IPv6 ta kan fifita shi, sai ka samu mutum biyu zaune tabarma guda, ɗaya na ganin sabo ɗaya na ganin tsoho, kuma wannan jira ba ya gyara shi. Ko ka sa lambar IPv6 ta sabuwar saba, ko ka goge layin in ba ta da ita. Na Alhaji babu. Amma `MX` ɗinshi, mai nuna inda imel ke sauka, babban sunan domen ɗin yake nunawa, ke nan da munka juya `A` imel ma ya bi zuwa sabuwar saba, Allah ya sa yaron ya riga ya buɗe akwatunan a can, in ba haka ba da saƙonnin masu saye sun yi ta komawa.

Akwai kuma halin da lambar IP ta gyaru ko'ina, `nslookup` na ba ka sabuwa, amma burauza na nuna tsohon fasali. To nan an bar DNS, wata haddar ce daban, ta hotuna da fayilolin da burauza ta ajiye. `Ctrl+Shift+R` ko buɗe tagar sirri na raba gardama. In shafin na bayan Cloudflare ko makamancinta, lambar da za ka gani tasu ce kullum, ba ta canjawa ko ka tashi ko ba ka tashi ba, a cikin asusunsu ake gyara lambar sabar asali sannan a share tasu ajiyar. Dabarar da na fi so don kada ido ya yaudare ni, musamman in shafukan biyu kamarsu ɗaya, ita ce in ajiye ɗan fayil `ina.txt` a kowace saba, ɗaya a rubuta "tsoho" ɗaya "sabo". Duk wanda ya ce min bai ga canji ba sai in ce buɗe `example.com/ina.txt` ka gaya min kalmar da ka gani.

Shi kuma gwada sabuwar saba kafin a taɓa DNS, kada ka ce za ka rubuta lambar IP a burauza, don a hostin na haɗaka shafuka da yawa ke zaune kan lamba guda, sai da suna sabar ke gane wanda kake nema. Ga yadda ake tilasta ma suna bin lambar da kake so, a injinka kaɗai:

```
curl -I --resolve example.com:443:203.0.113.10 https://example.com/
```

In ya yi ƙorafin satifiket, wato shaidar tsaro ta `https`, galibi don sabuwar saba ba ta samu nata ba tukuna, irin na kyauta na Let's Encrypt a mafi yawan hostin sai domen ya fara nuna sabar ake iya fiddo shi. Ƙara `-k` don gwajin ya wuce. Wasu na yin wanga gwaji da fayil ɗin `hosts`, shina aiki, amma ka tuna ka goge layin in ka gama, na taɓa ganin wanda ya manta, shi kaɗai ke ganin sabon shafi a duniya shina rantsuwa aiki ya kammala.

Da a ce tun farko an shirya, wahalar awa huɗu-huɗun nan ma da ba a sha ta ba. Kwana guda kafin tashi ka rage TTL zuwa 300, minti biyar, ka bar tsohon wa'adin ya ƙare a ko'ina, sannan ka canja lamba, cikin minti biyar kusan kowa ya juyo, in komai ya lafa ka maida shi yadda yake. Rage shi a daidai lokacin da kake canja lambar ba ya taimakon waɗanda sunka riga sunka haddace, su da tsohon wa'adin sunka tafi. Yaron ya so ya rufe tsohon asusun ran Asabar don kuɗin wata ya kusa cika, na hana shi, na ce a biya wata guda a bar shi. Nemsabar da munka canja ran Juma'a da dare sai Lahadi da dare awa 48 ɗinta ke cika, in ya goge asusun kafin nan duk rizolbar da ke zuwa tsohon wajen ba za ta samu mai amsa mata ba, shafin ya ɓace ma mutanenta gaba ɗaya. Kuma da munka leƙa ma'ajiyar bayanan tsohuwar saba munka tarar da saƙon masu saye biyu da sunka cike fom tsakanin Litinin da Juma'a, ɗaya na son jaka goma sha biyu, babu su a sabuwar saba tunda an kwashe bayanan tun Litinin. Da hannu yaron ya kwafo su ya tura ma Alhaji ta WhatsApp.